Rahoton Satar Kuɗi: Yadda Ake Rubuta Abin da Aka Iske Ba Tare da Ɗora wa Kowa Laifi Ba

Rahoton satar kuɗi takarda ce da ake rubutawa idan an buɗe aljihun tebur, ko akwatin ƙarfe, ko jakar ajiya, aka tarar kuɗin da ke ciki bai kai abin da ya kamata ya kai ba. Manajan kanti kan rubuta ta ga mai dukiya, ma'ajin ƙungiya ga shugabanni, akawun makaranta ga hukumar makaranta, wani lokaci kuma ita ce takardar farko da ke isa teburin 'yan sanda. Tambayoyin da take amsawa ba su da yawa: nawa ya kamata a samu, nawa aka samu, yaushe aka yi wa kuɗin ganin ƙarshe yana cikakke, yaushe aka gano giɓin, a wane hali aka iske wurin ajiyar, kuma su wa ke da hanyar isa gare shi. Tambayar wa ya ɗauka ba ta cikinsu, domin a safiyar da ake rubuta takardar, mai rubutun bai san amsarta ba, ko da kuwa zuciyarsa ta riga ta tsaya a kan wani.

Wahalar aikin ke nan. Wanda aka yi wa asara yana cikin zafi, kuma kafin a gama ƙirga kuɗin an riga an fara ƙus-ƙus. Wani ya ce ai da ɗan gari akan ci gari. Wani ya tuna cewa yaron shago ya sayi sabuwar waya a makon jiya. Idan irin wannan magana ta shiga takarda aka sa mata hannu, ta tashi daga hira ta zama tuhuma, kuma magana zarar bunu ce.

Dalilin kame alƙalami

Sashe na 36(5) na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Shari'ar Musulunci ma ta ɗora nauyin kawo hujja a kan mai ƙara. Manaja ba alƙali ba ne, takardarsa kuma ba hukunci ba ce.

Akwai kuma haɗari ga mai rubutun kansa. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, da ya fara aiki a 1960, ya sa ɓata suna cikin laifuffuka a sashe na 391 da na 392, ban da ƙarar neman diyya da wanda aka ɓata zai iya shigarwa. Wasu jihohi sun sabunta kundinsu, lambobin sassan sun canja, amma laifin yana nan. Dokar ta yi rangwame ga wanda ya kai ƙorafi da kyakkyawar niyya ga wanda ke da hurumin saurarensa, sai dai kyakkyawar niyya a wurin doka tana tafiya da kula da bin diddigi. Kotunan Najeriya sun sha bambanta mutum biyu: wanda ya kai rahoton abin da ya faru ya bar 'yan sanda su yi aikinsu, da wanda ya nuna wani da yatsa ya matsa lamba a kama shi ba da hujja ba. Na farko yana da kariya. Na biyu kan iya samun kansa yana biyan diyyar tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba.

Dalilin da aka fi mantawa da shi ya shafi binciken kansa. Da zarar suna ɗaya ya fito a takarda, idon kowa ya koma kansa. A daina tambayar inda makulli na biyu ya kwana, a daina duba littafin ciniki, kwana uku su wuce ana juya mutum guda, wanda ya ɗauki kuɗin kuwa, in har an ɗauka, ya samu sarari. Sau da yawa ma daga baya a gano ba sata ba ce, kuskuren lissafi ne, ko maigida ne ya zari kuɗi da gaggawa ya manta bai rubuta ba.

Kafin a kira abin sata

A ɗauki misalin wani kantin sari na kayan masarufi, mai manaja ɗaya, kashiya ɗaya, yaran shago uku da maigadi. Ana rufewa Asabar da dare, ba a buɗewa Lahadi. Ran Litinin da safe manaja ya buɗe sef, wato akwatin ƙarfen da ake ajiye kuɗi, domin ya kai cinikin Asabar banki. Da ya zuba ido ya ga kuɗin bai yi masa yawan da ya zata ba.

Abu na farko da ya kamace shi shi ne ya cire hannunsa. Kada ya ƙirga shi kaɗai, domin duk adadin da ya faɗa daga baya maganarsa ce kawai, shi ma kuma yana cikin masu riƙe da makulli. Sai ya kira mutum biyu, ya ɗauki hoton cikin sef ɗin yadda yake, da ƙofarsa, da kwaɗon ƙofar kanti, da tagogi, kafin a taɓa kome. Sannan a yi ƙirga a gaban kowa, a rubuta kowane nau'in takarda da adadinta, duk waɗanda suka halarta su sa hannu tare da lokaci.

A wannan kanti ƙirgar Litinin ta ba da 'yan dubu-dubu guda 200, 'yan ɗari biyar guda 280, 'yan ɗari biyu guda 90, 'yan ɗari-ɗari guda 50. Jimla naira 363,000.

Sai a koma ga abin da ya kamata a samu. Littafin ciniki ya nuna an sayar da kayan naira 1,240,000 ran Asabar. Daga ciki an rubuta 575,000 a matsayin abin da aka biya ta na'urar kati da tiransifa, 85,000 kuma bashi ne. Abin da ya rage, 580,000, shi ne ya kamata ya shigo hannu. A ƙara 20,000 na canji da aka buɗe kanti da shi da safe, da 40,000 da wani ya kawo na tsohon bashi, a cire 30,000 na man janareta da 12,000 na 'yan dako. Littafi ya ce 598,000. Idan aka cire abin da aka ƙirga, giɓin ya zama naira 235,000.

Manaja mai gaggawa zai rubuta wannan adadi ya tafi da shi ofishin 'yan sanda. Amma akwai takarda ta biyu, wato takardar ƙirgar daren Asabar, wadda shi da kashiya suka sa wa hannu kafin su kulle sef. Ita ta ce 563,000: 'yan dubu-dubu guda 400, sauran nau'o'in kuma daidai da abin da aka iske ran Litinin. Tsakanin littafi da ƙirgar Asabar akwai saɓanin 35,000 tun kafin a kulle sef, ba wanda ya lura, domin an ƙirga ne kawai ba a gwada da littafi ba. Da aka buɗe bayanin asusun banki aka bi cinikin ranar ɗaya bayan ɗaya, sai ga 35,000 ɗin: wani mai saye ya biya ta tiransifa, aka shigar da shi a layin kuɗin hannu. Wannan kuɗi yana banki, bai taɓa shiga sef ba.

Giɓin gaskiya naira 200,000 ne, kuma ƙirgar nau'i-nau'i ta nuna siffarsa: 'yan dubu-dubu guda 200, bandir biyu cif, tunda bandir ɗaya takarda ɗari ce. Da jimla kaɗai aka rubuta ran Asabar, da ba a san haka ba.

Wannan mataki yana da muhimmanci saboda adadin da aka fara faɗa shi ke manne wa magana. Idan rahoto ya ce 235,000, bayan kwana biyu aka dawo aka ce 200,000, lauyan duk wanda aka tuhuma zai tambaya: in an yi kuskure a wannan, ina tabbacin sauran? Wuraren da kuɗi kan ɓuya ba tare da an sace ba sanannu ne ga masu kanti. Akwai tiransifar da aka rubuta a matsayin kuɗin hannu, da alat na bogi da aka yarda da shi ba a duba asusu ba, da bashin da aka bayar ba a shigar ba, da rasit ɗaya da aka rubuta sau biyu, da kuɗin da aka ba direba ko ɗan aike da baki. Rahoto mai kyau yana faɗin waɗanda aka duba daga cikinsu da abin da aka samu, domin mai karatu ya san an rufe waɗannan ƙofofi.

Tazarar lokaci da jerin masu makulli

Zuciyar rahoton ita ce tazarar da ke tsakanin ganin ƙarshe da ganowa. A misalin nan an kulle sef ƙarfe 8:40 na daren Asabar, an buɗe ƙarfe 8:15 na safiyar Litinin, kusan awa talatin da biyar da rabi. Duk abin da ya faru a cikin wannan tazara ya faru, kuma kowace hujja ana auna ta ne da ko ta rage tazarar. Shi ya sa ake rubuta lokaci da lamba, a kuma faɗi inda aka samo shi. Lokacin da ke kan takardar ƙirga daban yake da wanda wani ya tuna da ka. Idan ƙiyasi ne, a ce wajen ƙarfe kaza. Agogon kyamarar tsaro ma ana gwada shi da na waya, domin yakan yi gaba ko baya da mintoci, kuma minti bakwai sun isa su sa mutumin da ya riga ya tafi ya zama kamar yana nan.

Daga nan sai jerin waɗanda ke da hanyar isa ga kuɗin. A nan ne mai rubutu ke nuna adalcinsa ko rashinsa, domin jerin dole ya cika, ya haɗa da shi kansa da mai dukiya. A kantin nan makullin sef biyu ne, ɗaya a hannun manaja, ɗaya a hannun mai kanti. Makullin ƙofar kanti yana wurin manaja da babban yaron shago. Kashiya ba ta da makulli ko ɗaya, amma tana nan lokacin da aka kulle. Maigadi yana waje daga dare zuwa asuba, ba ya shiga. Ana jera su a tsari guda, kowa da matsayinsa da irin damar da yake da ita, ba a ba wani layi biyar a ba wani rabin layi. Yawan bayani a kan mutum ɗaya tuhuma ce ko da ba a furta ta ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, mai karatu ma ya sani.

Ana kuma rubuta inda kowane makulli ya kwana, bisa faɗin mai shi. Idan mai kanti ya ce nasa yana cikin aljihun mota tun makon jiya, wannan ya shiga takarda, ko da ba zai ji daɗin ganinsa ba, domin yana nufin adadin hannuwan da za su iya kaiwa ga makullin ya wuce biyu.

Halin da aka iske wurin ana bayyana shi yadda ido ya gani. Kwaɗon ƙofa yana kulle, ba a ga alamar karya ko lanƙwasa ba. Ƙofar sef tana kulle, makulli ya buɗe ta ba da wahala ba. Silin da tagogi ba a ga sun motsa ba. A tsaya nan. Jumlar da kan biyo baya a bakin mutane, wato ke nan na gida ne, hukunci ce. Tana iya zama gaskiya, amma ana yanka makulli a kasuwa cikin 'yan mintoci, kuma mai bincike ne zai tantance.

Haka batun kyamara. Idan wuta ta ɗauke ƙarfe 11:20 na dare kyamarar ta mutu har wayewar gari, a rubuta cewa babu hoto daga lokaci kaza zuwa kaza, a faɗi dalilin idan an tabbatar da shi. Kada a rubuta an kashe kyamara, domin kashewa tana buƙatar hannu. A kwafe hoton da ke akwai tun a ranar, saboda na'urorin suna shafe tsohon hoto su ɗora sabo idan ma'ajiyarsu ta cika.

Kalmomin da ke tuhuma a ɓoye

Mutum na iya kauce wa kalmar ɓarawo daga farkon takarda har ƙarshe, amma ya rataye wani da ƙananan kalmomi. Hausa tana da su da yawa, kuma mai rubutu yakan zuba su bai sani ba.

Babbarsu ita ce wai. A duba bambancin jumlolin nan biyu: maigadi ya ce bai bar bakin ƙofa ba duk daren, maigadi ya ce wai bai bar bakin ƙofa ba. Ta biyun ta riga ta ƙaryata shi. Haka ya yi iƙirari, ya fake da, ya kafe a kan, ya dage. Akwai kuma ya amsa da ya musa: idan aka rubuta cewa yaron shago ya amsa cewa makulli yana hannunsa, an mai da maganar kamar furucin mai laifi, alhali kowa ya san makullin a hannunsa yake. Ya ce ta wadatar a kowane wuri, a maimaita ta sau goma ba laifi.

Sai ashe, da har, da ma, da kawai, da dama. Ashe kashiya ta dawo kanti bayan an tashi: ashe ta nuna an bankaɗo wani ɓoyayyen abu. Har ya sayi waya: har ta ce abin ya fi ƙarfinsa. Dama ya saba zuwa a makare: dama ta jawo tsohon hali ta jingina shi da sabon lamari. Akwai kuma ya ƙi, wadda ake sawa a inda bai yi ba ta dace. Ya ƙi ɗaga waya yana nufin ya ga kira ya share, abin da mai kira ba shi da hanyar sani. Abin da ya sani shi ne an kira lambarsa sau uku tsakanin 8:30 da 9:00 ba a ɗaga ba.

Bayanin yanayin mutum ma ba ya shiga. Ya rikice, jikinsa na rawa, ya kasa haɗa ido, duk wannan yana samun marar laifi da aka tara wa jama'a ana tambayarsa kuɗin da ya ninka albashinsa sau da yawa. Tarihin mutum, bashin da ake binsa, bikin da ke gabansa, garin da ya fito, ba abin da aka iske a sef ba ne. Abin da mai duba ya faɗa, ko mafarkin da wani ya yi, ba a ma kawo shi kusa da takardar.

Ita kanta kalmar sata tana son hattara. A idon doka, ɗaukar dukiyar da ke hannun wani ba da izininsa ba daban yake da cin amanar dukiyar da aka damƙa wa mutum. Final Kod ta sa sata a sashe na 286, cin amana kuma a na 311, kowanne da sharuɗɗansa. Malaman fiƙihu ma sun raba wanda ya ɗauke abu daga ma'ajiyarsa a ɓoye da wanda aka ba amana ya ci. Mai rahoto da ya zaɓi ɗaya daga cikin kalmomin ya riga ya nuna ɓangaren da yake zargi, na waje ko na ciki. Giɓi, ko kuɗin da ba a samu ba, sun fi dacewa da jikin takarda, ko da kanta ya ce rahoton zargin sata saboda abin da ya kai mutum ofishin 'yan sanda ke nan. Su yi awon gaba da, yi sama da faɗi, wawure, a bar wa 'yan jarida.

Akwai tarko ɗaya ta ɗaya ɓangaren. Siffar an yi, an ga, an ƙirga tana da amfani a inda ba a san mai aikin ba. Amma a inda aka san shi, ɓoye shi rauni ne. An ƙirga kuɗi ba ta gaya wa mai bincike wa zai tambaya. Ni da kashiya muka ƙirga a gaban babban yaron shago ta fi.

Yadda takardar ke fita

Bayan kwanan wata, sunan kanti, sunan mai rubutu da matsayinsa, da wanda aka rubuta wa, jikin rahoton kantin nan zai iya zama kamar haka:

"Ran Asabar ƙarfe 8:40 na dare, ni da kashiya muka ƙirga naira 563,000 muka sa a sef, na kulle da makullina. Takardar ƙirgar tana haɗe. Ran Litinin ƙarfe 8:15 na safe na buɗe sef ni kaɗai. Da na ga kuɗin bai yi yawan da na zata ba, ban taɓa shi ba, na kira kashiya da babban yaron shago. Ƙarfe 8:25 muka ƙirga mu uku muka samu naira 363,000. Abin da ba a samu ba naira 200,000 ne, 'yan dubu-dubu guda 200. Littafin ciniki ya nuna 598,000. Bambancin 35,000 tiransifa ce da aka shigar a layin kuɗin hannu, kuma ta bayyana a bayanin banki. Na tambayi mai kanti ta waya ƙarfe 8:50, ya ce bai ɗauki kuɗi ba kuma bai aiki kowa ba. Ban ga alamar karya a ƙofar kanti, tagogi ko sef ba. Babu hoton kyamara daga 11:20 na daren Asabar zuwa 6:05 na safiyar Lahadi. A sauran lokacin da na duba ban ga an buɗe ƙofar kanti ba. Ban san yadda kuɗin ya fita ba."

Abu biyu sun cancanci lura a nan. Manaja ya rubuta cewa shi kaɗai ya buɗe sef, kuma minti goma sun wuce kafin a yi ƙirga a gaban shaidu. Wannan bai yi masa daɗi ba, amma gaskiya ce, kuma in ya ɓoye ta wani ya faɗa daga baya, duk takardar ta zube. Na biyu shi ne jumlar ƙarshe. Mutane suna jin nauyin rubuta ban sani ba, suna ganin kamar gazawa ce, alhali ita ce ke nuna wa mai bincike daidai inda aikinsa zai fara.

Bayan wannan sai jerin masu makulli, sai abin da aka yi bayan ganowa, kamar canja kwaɗo da sanar da mai kanti, sai jerin takardun da aka haɗa: takardun ƙirga biyu, hoton shafin littafi, bayanin banki, hotunan wurin. Asalin littafi da rasit ana adana su yadda suke, ba a gyara ko da kuskuren 35,000 ɗin a kan shafin. Gyaran ya tafi a sabon layi mai kwanan wata.

Idan akwai wanda ya ga wani abu

Kame alƙalami ba ya nufin ɓoye hujja. Idan maigadi ya ce ya ga wani ma'aikaci ya zo bakin kanti ran Lahadi da rana, wannan yana shiga, da suna, amma a matsayin maganar maigadi: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, ga wa, me ya ce ya gani, daga wane nisa. An fi so kowane shaida ya rubuta bayaninsa a takarda daban, shi kaɗai, kafin a zauna a yi ta maimaita labarin har bakuna su zama ɗaya. Wanda ba ya rubutu a rubuta masa da kalmominsa, a karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala. Wanda aka ambata shi ma a ji ta bakinsa a rubuta da irin wannan tsari. Idan maganganu biyu suka saɓa, a ajiye su kusa da juna, kada mai rahoto ya zaɓi wadda ya fi yarda da ita. A kuma raba gani da ji: na ga ya shiga daban, an gaya mini ya shiga daban, kuma in ta biyun ce sai a nemi wanda ya faɗa.

'Yan sanda sukan tambayi mai ƙara kai tsaye wa yake zargi. Amsar da ta fi tsare shi ita ce ya miƙa jerin masu makulli gaba ɗaya, ya faɗi abin da ya sani game da kowa, ya ce tantancewa tasu ce. In yana da dalili na musamman a kan wani, ya faɗi dalilin a matsayin abin da ya gani ko ya ji, ya bar shi a haka. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, don haka sunan uba ko mata ko ɗan'uwan ma'aikaci ba shi da gurbi a rahoton sai in shi ma shaida ne.

Furucin da aka samu ta hanyar kulle mutum a sito, ko duka, ko barazanar tara masa jama'a, ba ya ƙara wa rahoto ƙarfi. Kotu tana iya watsi da shi, wanda ya tilasta kuma ya jawo wa kansa tuhuma.

Bayan an sa hannu

Rahoton na waɗanda ke da hurumi ne: mai dukiya, shugabannin ƙungiya, 'yan sanda, kamfanin inshora in akwai. Kariyar da doka ta ba mai kai ƙorafi ba ta bin takardar zuwa zauren hira na waya ko allon sanarwa, kuma jerin masu makulli da ba shi da illa a hannun mai bincike yana zama jerin ɓarayi a bakin unguwa. Mai rubutu ya riƙe kwafinsa, ya rubuta wa ya ba, ran yaushe.

Idan sabon bayani ya fito, ba a janye takardar farko a sake ta, ba a kuma goge kome a cikinta. Ana rubuta ƙarin bayani mai kwanan watansa, a ce a rahoton ran kaza an rubuta kaza, yanzu an gano kaza, ga hujja. Idan a kantin nan, ran Laraba, mai kanti ya tuna cewa ya ba ƙaninsa makulli ran Lahadi ya ɗauko kuɗin mai kawo shinkafa, ƙarin bayanin zai faɗi haka da adadin da rasit ɗin mai shinkafar, a aika wa duk wanda ya karɓi na farko, har da ofishin 'yan sanda in an riga an kai, domin a rufe maganar a rubuce.